“A Yi Haƙuri” Kaɗai Ba Ta Kai Atamfa Wurin Tela

Daren Litinin ne, 25 ga Maris, 2024, azumi na da kwana 15. Bayan an idar da asham na biya gidan wata ƙanwata da ke sana'ar sayar da atamfa da leshi da gyale ta waya a nan Kano. Na same ta zaune a tsakar falo, turame sun kewaye ta, wayarta na ta ƙara a kan kujera, ita kuwa ko kallon inda take ba ta yi.

“Ba za ki ɗauka ba?” na tambaye ta.

“Yaya, in ɗauka in ce mata me? Na san wadda ke kira. Kayanta take nema, kuma ban ma kai kan nata ba.”

Abin da ya faru ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san cinikin sallah. A ranakun da babu hada-hada, oda takwas ko goma take samu a yini. Sai ta sanar da garaɓasa ta kwana biyar, daga Laraba 20 ga wata zuwa Lahadi 24, ta rage farashi don ta jawo masu sayen kayan sallah. Mutane suka amsa fiye da yadda ta yi zato. Oda 170 ta shigo, kowa ya tura kuɗinsa. Zuwa wannan daren 90 ne kawai suka fita. Saura 80, kuma masu su sun fara kira.

Ta nuna mini abin da ta riga ta ɗora a Status ɗinta na WhatsApp tun la'asar: “Assalamu alaikum kwastomomina masu albarka. Don Allah a yi haƙuri da jinkirin da ake samu, aiki ne ya yi mana yawa. In sha Allahu kowa zai samu kayansa nan ba da jimawa ba. Mun gode.”

Saƙo ne mai ladabi, babu zagi babu girman kai a ciki. Amma tun da ta ɗora shi kiran waya bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Dalilin a fili yake idan mutum ya sa kansa a matsayin matar da ke Maiduguri wadda ta tura kuɗin turmi uku tun ranar Alhamis. Ta riga ta san an samu jinkiri, ai shi ya sa take kira. Ta san aiki ya yi yawa, watan azumi ake ciki. Abu guda ne ba ta sani ba, kuma shi kaɗai take bukata: yaushe? Domin ita ma akwai mai jiranta. Telanta ya gaya mata ranar da zai daina karɓar ɗinki, kuma teloli da yawa sukan rufe tun azumi bai kai ashirin ba, wasu ma tun a goman farko. A wurin mai sayen yadi, ranar sallah ba ita ce wa'adi ba. Wa'adinta ranar da tela zai ce ya rufe. Atamfar da ta iso bayan wannan rana, ko da saura kwana takwas a hau idi, ta zama ta Babbar Sallah.

Wannan ne ya sa nake ganin mun daɗe muna yi wa irin wannan saƙo gurguwar fahimta. Mun ɗauke shi a matsayin lallashi, wato hanyar kwantar wa mutum da hankali har mu samu sarari. Alhali aikinsa na gaskiya shi ne ya mayar wa mai saye ikon yanke shawara tun lokaci bai ƙure masa ba: ya jira, ko ya canza, ko ya karɓi kuɗinsa ya nufi kasuwar garinsu. Ban haƙuri yana da muhallinsa a ciki, kuma ba a raina shi. Sai dai idan shi kaɗai aka aika, an bar mutum a inda yake, an kuma cinye masa wani yinin.

Kafin a rubuta, sai an ƙirga

Ba ta iya faɗin rana ba saboda ita kanta ba ta san ranar ba. Don haka muka ajiye wayar muka ɗauko littafin da take rubuta oda.

Tambayar farko da na yi mata ita ce, oda nawa take iya haɗawa a yini idan babu abin da ya katse ta. Ta ce ai da yawa. Na ce mu bi aikin ɗaya bayan ɗaya. Sai ta duba alat ta tabbatar kuɗin ya shigo, domin a irin wannan lokaci ne ake turo rasit na bogi. Sai ta koma cikin hirarsu ta nemo hoton zanen da aka zaɓa. Sai ta zaro turmin, ta buɗe shi ta duba ko akwai tabo ko inda rini ya zuba. Idan leshi ne ta auna yadi biyar ta yanka. Sai ta ɗauki hoto ta tura wa mai shi, ta naɗe a leda, ta liƙe, ta rubuta suna da lambar waya da gari da babban alƙalami. Da muka gwada da agogo, oda ɗaya ta ci kusan minti 12. Lokacin aikinta kuwa daga ƙarfe tara na safe ne zuwa biyu na rana, saboda mai adaidaita sahun da ke kai mata kaya tasha dole ya tashi kafin motocin nesa su ƙare, ita kuma ga girkin buɗe-baki na jiranta. Awa biyar ke nan, minti 300. A raba da 12, ya ba da 25.

Oda 25 a yini, idan ta daina karɓar sababbi kuma ta daina tsayawa amsa waya. A kwanakin garaɓasar kuwa 15 take fitarwa, domin rabin lokacinta a kan waya yake tafiya. A nan ne jinkiri ke haifar da jinkiri: duk wanda bai ji labari ba zai kira, kowane kira zai ci minti uku ko biyar, mintunan kuma daga lokacin naɗe kayan wani ake cire su. Saƙo mai rana a ciki yana sayo wa mai kaya lokaci ne, saboda wanda aka ce masa Laraba ba zai kira ranar Talata ba.

Daga nan muka raba odar 80 ɗin, sai ga wata matsala da ta fi ta farko ta fito. Guda 58 kayansu na ƙasa, a falon, jinkirinsu na hannu ne kawai. Amma 22 sun zaɓi wani zanen atamfa da ya ƙare a wurin dilan da take sara a Kantin Kwari. Ta ci gaba da karɓar kuɗinsa ne bisa zaton zai ƙaro mata. Da ta kira shi, cewa ya yi kaya na hanya. Na ce ta tambaye shi rana. Ya ce ko gobe ko jibi, ko dai cikin satin nan.

Waɗannan mutane biyu ne daban, kuma kuskuren saƙon Status ɗin shi ne ya haɗa su a kwano ɗaya. Na farko za a iya yi musu alkawari, domin abin yana hannunta. Na biyu ba za a iya ba, saboda alkawarin zai rataya ne a kan bakin wani wanda shi ma bai sani ba. Mai kaya ba ya ɗaukar “ko gobe ko jibi” na dila ya mayar da shi “gobe” ga mai saye.

Su 58 ɗin ma ba a bi su bisa wanda ya fara biya ba, ko da yake hakan ne ya fi kama da adalci a ido. Muka sa na nesa da masu yadin ɗinki a gaba. Kayan Kaduna ko Katsina ko Zariya a ranar suke isa. Na Maiduguri, tafiyar da ta doshi kilomita 600, sau da yawa sai washegari ake karɓa. Na Legas a babbar mota daga Sabon Gari yakan kwana a hanya, wani lokaci kwana biyu. Akwai kuma guda huɗu na Maraɗi da Damagaram, kuma a wancan watan ne aka sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar bayan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, don haka zirga-zirga ba ta gama daidaita ba. Mai gyale a Hotoro ko Kabuga, wadda ba ta bukatar tela kuma mai adaidaita zai kai mata cikin awa ɗaya, ita ce za ta iya jira zuwa ƙarshe ba tare da ta yi asarar komai ba. Lissafin ya tsaya a kan Talata 25, Laraba 25, Alhamis 8.

Sai na ce kada ta faɗa wa kowa waɗannan ranaku. Ta ƙara kwana ɗaya a kan kowanne. Ta yi gardama a nan, ta ce ai mutane sun riga sun ƙosa, in ta ce Laraba alhali za ta iya Talata, ta ƙara musu ɓacin rai. Na fahimce ta, amma ban yarda ba. A watan azumi, a zafin Maris na Kano, akwai abubuwa da yawa da za su iya cinye yini guda: mai adaidaita bai zo ba, motar garin ta cika ta tashi, yaro ya kwanta zazzaɓi, wuta ta ɗauke waya ta mutu. Wanda aka ce masa Laraba ya samu Talata zai yi murna. Wanda aka ce masa Talata ya samu Laraba, an saɓa masa sau biyu ke nan, kuma saƙon ban haƙuri na biyu ba ya da ko rabin darajar na farko.

Abin da aka aika

Ga saƙon da ya tafi wa rukunin farko a daren, kowace da sunanta a sama:

“Assalamu alaikum Hajiya, barka da shan ruwa. Atamfarki turmi uku da kika biya ranar Alhamis ba ta fita ba har yanzu. Na karɓi oda fiye da ƙarfina, laifina ne, ki yi haƙuri. Kayanki suna hannuna. In sha Allahu zan sa su a motar Maiduguri ranar Laraba 27 ga Maris, in turo miki lambar direba kafin ƙarfe uku. Idan ranar ta yi miki nisa saboda tela, ki gaya mini, in mayar miki da kuɗinki cif gobe. Kuɗin mota ni zan biya.”

Bai kai layi takwas a waya ba, amma kowace jimla tana ɗauke da kaya. Ambaton turmi uku da ranar Alhamis yana gaya wa matar cewa ba a manta da ita ba, kuɗinta yana rubuce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ciniki irin na waya, inda mutum ke tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba. Abin da ke cin ran mai saye idan an yi shiru ba jinkirin ba ne, tsoron damfara ne. “Kayanki suna hannuna” ita ce jimlar da ke kashe wannan tsoro, kuma in an haɗa da hoton ƙullin da sunanta a jiki, ya fi.

Dalilin kuwa jimla ɗaya ya samu. Da farko ta so ta yi bayanin komai: yadda yarinyar da ke taya ta aiki ta yi tafiya, yadda layin banki ya yi ta wahalar da ita, yadda ba ta yin barci. Duk gaskiya ne. Amma idan uzuri ya yi tsawo, saƙon ya tashi daga ban haƙuri ya koma neman a tausaya wa mai kaya, mai saye kuma ya ji kamar shi ake so ya ba da haƙuri. Haka nan akwai bambanci tsakanin “an samu jinkiri” da “na karɓi oda fiye da ƙarfina”. Ta farko ba ta da mai laifi, kamar ruwan sama ne ya sauka. Ta biyu tana da shi, kuma mutanenmu suna saurin yafe wa wanda ya ce laifina ne. Na sha ganin mace ta kira da faɗa a bakinta, da aka ce mata haka sai ta sauko ta ce ba komai, Allah ya rufa asiri.

Sai batun “in sha Allahu”, wanda nake so a fahimce ni a kansa. Musulmi ba ya alkawarin gobe ba tare da ita ba, kuma haka ya dace. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu sana'a suka mayar da ita madadin rana, har ta kai mai saye in ya ji ta ita kaɗai sai gabansa ya faɗi. Wurinta kusa da rana ne: in sha Allahu ranar Laraba. Kalma ce mai girma, bai kamata a ɓuya a bayanta ba.

Wani ƙaramin abu da ya kamata a lura da shi: ta rubuta “Laraba 27 ga Maris”, ba “17 ga azumi” ba. A watan Ramadan kowa da kwanakin azumi yake lissafi, amma ba kullum ake ɗaukar azumi rana ɗaya a Najeriya da Nijar ba, kuma ko a gari ɗaya akan samu masu bambancin kwana. Sunan rana da kwanan watan Bature ba sa jawo musu. “Gobe” ma tana da haɗari, domin saƙon da aka aika da sha ɗayan dare wata sai bayan sahur za ta buɗe shi. Inda ta rubuta “gobe” a maganar mayar da kuɗi, da na lura a lokacin da na sa ta mayar da ita “Talata”.

Su kuwa mutum 22 masu zanen da ya ƙare, nasu saƙon ya fi wuyar rubutawa, kuma shi ne ta fi jan ƙafa a kai:

“Assalamu alaikum Anti, barka da shan ruwa. Zanen da kika zaɓa ya ƙare a wurina da wurin dilana, kuma ba ni da tabbacin ranar da zai zo. Bai kamata in karɓi kuɗinki ban tabbatar ba, ki gafarce ni. Ga hotunan zane huɗu masu kuɗi ɗaya da ke hannuna yanzu. In kin zaɓi ɗaya, zai fita ranar Alhamis 28 ga Maris. In ba wanda ya yi miki, turo lambar asusunki, kuɗinki zai dawo cif kafin azahar ɗin Laraba.”

“Yaya, kuɗin mutum ashirin da biyu fa,” ta ce da ni. “In duk suka ce a mayar, ribar garaɓasar ta tafi.”

Na ce mata kuɗin ba nata ba ne tukuna. Ciniki bai faɗa ba sai kaya sun fita, kuma riƙe kuɗin mutum a kan abin da babu shi, ana jan sa da “ana hanya” har telansa ya rufe, shi ne abin da ke kai masu sana'a gaban hukuma ko gaban mai unguwa bayan sallah. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin cinikin da ake biyan kuɗi kafin a karɓi kaya, wanda suke kira salam, kuma daga sharuɗɗansa akwai sanin siffar kayan da sanin wa'adi. Idan wa'adi ya yi kayan ba su samu ba, mai saye ne ke da zaɓin ya jira ko ya karɓi kuɗinsa. Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da haka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar soke odar da ya biya tun kafin a kawo, ta kuma ba wanda aka yi wa alkawarin aiki haƙƙin a sanar da shi a kan lokaci idan jinkiri ya zama dole. Wato tayin mayar da kuɗi ba alfarma ba ce mai kaya ke yi.

Mun sa wa'adin mayar da kuɗin a ranar Laraba da gangan. Juma'ar makon, 29 ga Maris, hutun Ista ne, Litinin 1 ga Afrilu ma haka. Idan aka tura kuɗi ya maƙale a hanya, kamar yadda duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya sani yana faruwa, babu bankin da za a je a bi sawunsa sai Talata. Mai mayar da kuɗi ya duba kalanda kamar yadda mai tura kaya ke dubawa.

Ta ina saƙon zai bi

Status yana da amfani ɗaya: ya sanar da jama'a cewa an dakatar da karɓar sabuwar oda zuwa rana kaza. Wannan ta yi a daren, kuma shi ne matakin da ya fi yi mata ciwo, domin babu ɗan kasuwar da ke son rufe ƙofa ana tsakiyar ciniki. Amma ban haƙurin da aka ɗora a Status ba na kowa ba ne. Bayan awa 24 ya ɓace, kuma babu tabbacin wadda ake nufi ta gani. Akwai masu amfani da Broadcast, wanda ke ɗaukar mutum 256 a jeri ɗaya, sai dai yana isa ne kawai ga waɗanda suka adana lambar mai aikawa, sabuwar kwastomar da garaɓasa ta jawo kuwa da wuya ta adana. Mafi muni shi ne a buɗe zaure a zuba duk masu jira a ciki. An tona lambobin matan mutane ga baƙi, an kuma tara masu fushi a ɗaki ɗaya, kowace na ƙara wa 'yar uwarta.

Don haka ɗaya bayan ɗaya ta aika, tana canza suna da kaya da gari. Ya ci mata fiye da awa ɗaya. Ga dattawan da ta san karatun boko bai dame su ba, murya ta naɗa, amma ta bi ta da ranar a rubuce, saboda murya ba ta da sauƙin komawa a duba, rubutu kuwa shaida ne ga kowane ɓangare. Mutum biyu da ba sa hawa WhatsApp sai jefi-jefi ta yi musu tes. A nan akwai abin da ba kowa ya sani ba: tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, saƙon ya rabu gida-gida, kuɗinsa ya ƙaru. A tes gara a rubuta da baƙaƙe marasa lanƙwasa, a kuma taƙaita.

Game da kuɗin mota da ta ɗauke wa na nesa, shawarar ta ce, kuma na ga dacewarta. Abu ne ƙarami da ta san za ta iya cikawa nan take. Abin da ban so shi ne alkawarin “za a yi miki ragi a saye na gaba”. Wanda bai karɓi kayan farko ba, ba ya tunanin saye na biyu, kuma tayin yana kama da ana so a sake jawo shi kasuwa ne tun ba a sallame shi ba.

Washegari wayar ta yi shiru fiye da yadda ta yi a kwana huɗun da suka wuce, kuma wannan ita ce alamar da ake gane saƙo ya yi aiki. Idan bayan an aika mutane suna dawowa da “to yaushe ke nan?”, ranar ba ta fito ba. Idan suna dawowa da “nawa ne a ciki?”, ba a ambaci kayansu ba. Idan kuwa amsar ita ce “Allah ya kai mu” ko lambar asusu, an gama. Daga cikin 22 ɗin, 13 suka zaɓi wani zanen, 9 suka karɓi kuɗinsu. Sha ukun nan suka hau kan takwas na ranar Alhamis, suka zama 21, ba su wuce ƙarfin yini ɗaya ba.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ƙulli ɗaya na Damagaram ya kwana biyu a tasha saboda motar ba ta cika ba, ya wuce ranar da aka faɗa duk da kwanan da aka ƙara. A nan saƙo ba ya isa, kira ya kamata, kuma tun kafin ranar ta faɗi, ba bayan mai kayan ta je tasha ta dawo hannu rabbana ba. Ta kira da hantsi ta faɗi abin da ake ciki, ta ba da lambar ɗan kamashon da kayan ke hannunsa. Matar ba ta ji daɗi ba, ta kuma faɗa. Ɗaya daga cikin taran da aka mayar wa kuɗi ma ba ta sake saye a wurinta ba har yau. Saƙo ba ya goge kuskuren da aka riga aka yi, wato karɓar oda 170 da hannun da ke iya 25 a yini. Abin da ya yi shi ne ya hana kuskuren ya cinye wa mutum tamanin sallarsu.

Abin da na fi nadama a kai shi ne lokacin. Tun daren Juma'a, kwana uku da fara garaɓasar, littafinta ya riga ya nuna cewa masu shigowa sun ninka masu fita. Da a ranar aka ƙirga aka aika, da mutum taran nan sun samu ƙarin kwana uku na neman yadi a garuruwansu, kuma da ba a karɓi kuɗin zanen da ya ƙare ba tun farko. Kunya ce ta hana, da fatan gobe za a cim ma aikin. Na san wannan fata, domin duk mai sana'a yana da ita, tela ne ko mai takalmi ko mai cincin ɗin sallah.

Ga masu sana'ar da ke karanta wannan, roƙona ɗaya ne. Idan azumin bana ya raba tsakiya, ku zauna da littafinku dare ɗaya, ku ƙirga abin da ya rage, ku raba da abin da hannunku ke iya fitarwa a yini. In lissafin ya wuce ranar da kuka yi wa mutane alkawari, ku aika musu a daren, kowa da sunansa, da kayansa, da ranarsa, da zaɓin karɓar kuɗinsa, tun teloli ba su rufe ba.